Miliyan ɗaya, akawun biyu: yadda ruwa kan ruwa ke ƙara kuɗin fiks difozit, da inda goggona ta bar nata a hanya

Goggona da aminiyarta tare suka yi aikin jinya a Kaduna shekara da shekaru, tare suka aje aiki, giratutinsu ma kusan lokaci ɗaya ya fito. Kowaccensu ta ware miliyan ɗaya ta kai banki ɗaya a sati ɗaya, aka ɗaure musu a fiks difozit na kwana 365 kan kashi 12 cikin 100 a shekara. Bayan shekara uku aminiyar ta nuna wa Goggo takardarta an rubuta N1,360,252, ita kuwa Goggo tata takardar tana nan a N1,000,000 cif kamar ranar da ta kai. Ranta ya ɓaci sosai, ta kira ni tana faɗa wai an cuce ta, in zo in duba mata takardu kafin ta je ta yi musu tijara a banki. Na je na duba. Babu wanda ya ci mata ko kwabo, amma kuma ba a yi mata bayanin da ya kamata ba ranar da ta cika fom, kuma wannan bayanin shi nake so in warware anan dan mutane da yawa haka suke faɗawa ciki.

Kafin in shiga lissafi bari in cire abu biyu daga hanya. Na farko, na daidaita alƙaluman, na bar ruwan a kashi 12 duk shekara dan lissafin ya yi sauƙin bi, a zahiri duk sanda wa'adi ya cika banki na iya ɗagawa ko ya sauke, zan nuna yadda ake lissafa wannan a gaba. Na biyu maganar addini, dan nasan wani tun daga kan take zai ce ai riba ce. Eh, abin da mafi yawan malamanmu suke kai shi ne kuɗin ruwa na bankin da aka saba haramun ne, ni ba fatawa nazo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Amma lissafin kansa ya shafi kowa, dan wanda ya kai kuɗinsa bankin da ba ruwa irin Jaiz ko TAJ ko Lotus ya yi ajiyar mudaraba, wato ta raba riba, shima tambaya ɗaya za a masa in wa'adi ya cika, a haɗa ribar da uwar kuɗi a sake juyawa ko a turo maka ribar? Kuma wanda ya ci bashi da ruwa, wannan lissafin ne dai yake cinsa ta baya.

To me ya faru da Goggo.

Abin da mutane basu sani ba shine a cikin wa'adi guda fiks difozit baya haihuwar ruwa kan ruwa ko kaɗan. In ka ɗaure kuɗi na kwana 365, banki uwar kuɗinka kawai yake kallo, ya buga ta da kason da kuka yi yarjejeniya, ya buga da yawan kwanaki ya raba da 365, shikenan. Miliyan ɗaya a kashi 12 na shekara cikakkiya N120,000 ne. Ba a hannunka duka zai shigo ba, akwai harajin gwamnati da banki ke yankewa tun daga tushe kafin ya baka, kashi 10 cikin 100 na ruwan ba na uwar kuɗin ba, wato N12,000. Saura N108,000. Wannan shine abin da kowaccensu ta samu a ƙarshen shekarar farko, babu bambanci ko na naira ɗaya tsakaninsu.

Bambancin a ranar cikar wa'adi yake farawa. A fom ɗin da ake cikawa, ko a af ɗin waya ga masu yi ta waya, akwai wajen da ake tambayarka me za a yi da kuɗin in lokaci ya yi, yawanci zaɓi uku ne, kalmomin kan ɗan bambanta daga banki zuwa banki amma kusan haka zaka gani:

```
Roll over principal + interest
Roll over principal only
Liquidate at maturity
```

Na farko yana nufin a haɗa uwar kuɗi da ruwan da ta haifa a sake ɗaure su tare. Na biyu a sake ɗaure uwar kuɗin kaɗai, ruwan a zuba maka a akawun ɗinka na yau da kullum. Na uku a kwance komai a dawo maka da abinka. Aminiyar Goggo ɗanta ne ya rakata, ya sa mata alama a na farko. Goggo ita kaɗai taje, yarinyar da ke kan tebur ta tambaye ta "Mama kina so ki riƙa ganin alat ɗin ribarki?" ta ce sosai ma, wa zai ƙi alat, aka sa mata alama a na biyu ta sa hannu. Tambayar ba ƙarya bace, amsar ma ba laifi bace, kawai dai ba wanda ya ce mata in kin zaɓi alat kin haƙura da ruwa kan ruwa kenan.

Yanzu mu bi kuɗin aminiyar shekara bayan shekara, a hankali.

Shekara ta biyu ba da miliyan ɗaya ta shiga ba, da N1,108,000 ta shiga. Kashi 12 na wannan N132,960 ne, a cire haraji N13,296, saura N119,664. Kaga bara N108,000 ta samu, bana N119,664, ƙarin N11,664 kuma bata ƙara ko sisi daga aljihunta ba, bankin ma bai ɗaga mata kaso ba. Daga ina ƙarin ya fito? Wancan N108,000 ɗin da ta bari a ciki ne shima ya yi aiki shekara guda ya kawo nasa. In kana so ka tabbatar ka ɗauki kalkuleta ka buga 108,000 sau 0.108, 11,664 zai baka daidai. A ƙarshen shekara ta biyu tana da N1,227,664.

Shekara ta uku an lissafa mata akan N1,227,664. Bayan haraji ta samu kusan N132,588, jimla N1,360,252, lambar da ta tada wa Goggo hankali kenan.

Ita kuwa Goggo duk shekara miliyan ɗayan nan ake sake ɗaurewa, duk shekara N108,000 ke faɗowa akawun ɗinta, sau uku N324,000. Na buɗe mata sitetimen na akawun ɗin na nuna mata ranakun da suka shigo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na ce Goggo ga kuɗinki nan, sun zo. Ta yi shiru ta gyara gilashinta, can ta ce "To ɗan nan ina suka tafi?" Muka bi layi layi. Na farko ya shigo ana saura kwanaki bikin 'yar ƙanwarta, ya tafi a anko da gudummawa. Na biyu gyaran rufin ɗaki da damina ta tona. Na uku ma bata san ya shigo ba, ya gauraye da fansho, aka cinye shi a cefane da katin waya da "Goggo a taimaka min da na mota". Ba almubazzaranci tayi ba, duk buƙatu ne na gaske, amma kuɗin da ya sauka a akawun mai katin cirewa baya kwana.

Na kwatanta mata da kiwo dan shi ta fi ganewa, tana da awaki a bayan gida. Ke kin aje akuya duk haihuwar da tayi kina sayar da 'ya'yan, ita aminiyarki tana barin 'ya'yan a garke suma su girma su haihu. Bayan shekara uku ke akuyarki ɗaya ce har yanzu, ba wai an sace miki bane.

Amma fa mu yi adalci wa lissafin, dan anan masu tallar "ka aje kuɗi ka kwanta su yi maka aiki" suke wuce gona da iri. Tazarar da Goggo ta gani tsakanin takardu biyun N360,252 ce, amma ba duka bane aikin ruwa kan ruwa. N324,000 daga ciki itama ta karɓa, ta kashe ne. Ainihin abin da ta rasa saboda zaɓin da tayi a fom shine N1,360,252 a cire N1,324,000, wato N36,252 a shekara uku. Ba kuɗin banza bane amma ba shine zai canja rayuwar mutum ba, a wata ɗaya bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Duk wanda ya ce maka cikin shekara biyu uku ruwa kan ruwa zai maida kai attajiri to ko bai iya lissafi ba ko akwai abin da yake so ya sayar maka.

Sai an ja lokaci abin yake nuna kansa. A ce duk su biyun sun bar tsarin yadda yake kuma kason bai motsa ba. A shekara biyar aminiyar tana da N1,669,932, Goggo uwar kuɗi da duk abin da ta karɓa N1,540,000, tazara ta kusa N130,000. A shekara goma aminiyar N2,788,673, Goggo N2,080,000, tazara ta haura N708,000. Duba da kyau, daga shekara biyar zuwa goma lokaci ninki biyu kawai yayi amma tazarar ta ninka fiye da sau biyar. Dalili kuwa shine ita Goggo N108,000 ɗinta baya girma baya raguwa, ita kuwa waccan abin da take samu duk shekara yana hawa, a shekara ta goma kaɗai sai ta samu sama da N270,000, dan lokacin abin da ake lissafa mata akai ya wuce miliyan biyu da rabi.

Ba sai ka zauna kana bin shekara ɗaya bayan ɗaya ba, akwai ƙa'idar da ke tattare abin duka:

```
A = P × (1 + r)^n
```

P ita ce uwar kuɗin da ka fara da ita, r kason da kake samu a kowane wa'adi, n sau nawa aka juya, A kuma abin da zaka tarar a ƙarshe. Inda mutane ke kuskure shine su sa r yadda banki ya faɗa musu, 0.12, su manta haraji. Tunda duk juyi sai an yanke kashi 10 na ruwan kafin a haɗa, abin da ke juyawa da gaske 0.108 ne. In ka sa 0.12 zaka samu N1,404,928 a shekara uku, ka je banki ka tarar da N1,360,252, ka fara zargin an taɓa maka N44,000 da ɗoriya alhali lissafinka ne bai cire na gwamnati ba. Mai kwamfuta ko af ɗin lissafi a waya zai iya rubuta wannan kai tsaye:

```
=1000000*(1+0.108)^3
```

Akwai kuma wata 'yar dabara ta ka, ba sai da kalkuleta ba, in kana so ka san shekara nawa kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka. Ka raba 72 da kason da kake samu. 72 a raba da 10.8 ya bada shida da kusan bakwai cikin goma, wato shekara bakwai ba kaɗan. Na gwada da ƙa'idar sama, a shekara bakwai kuɗin N2,050,115 ne, kaga dabarar bata yi nisa ba. A tsarin Goggo kuwa sai an haura shekara tara kafin alat ɗin da ta karɓa su taru su kai miliyan, in ma sun taru.

Da Goggo ta gane wannan sai ta kawo wata tambaya mai kyau, wadda ni kaina naji daɗinta. Ta ce to in juyi ne ke kawo ƙari me zai hana a riƙa juyawa duk wata uku maimakon a jira shekara? Bankunan Najeriya suna bada wa'adi kala kala, kwana 30, 60, 90, 180 har 365, dan haka abu ne mai yiwuwa. Muka lissafa. Miliyan ɗaya a kashi 12 na kwana 90, wato 1,000,000 sau 0.12 sau 90 a raba da 365, ya bada N29,589, bayan haraji N26,630. A nan ma akwai tarko, kashi 12 ɗin na shekara ne ba na kwana 90 ba, na sha ganin wanda ya ɗaure kuɗi na wata uku yana jiran N120,000 ya ga dubu ashirin da shida ya ce an yaudare shi. In an haɗa an juya, zagaye na biyu N27,339 zai kawo, na uku N28,067, na huɗu N28,815. A kwana 360 kuɗin ya zama N1,110,852. Wanda ya ɗaure na kwana 365 sau ɗaya N1,108,000 yake da shi. To eh, yawan juyi yana ƙarawa, amma dubi ƙarin, kusan dubu uku akan miliyan, ko an ƙara na kwana biyar ɗin da suka rage bai wuce dubu huɗu da rabi a shekara ba.

Kuma ko wannan ɗin sai in kason ɗaya ne. Sau da yawa abin da banki zai baka na gajeren wa'adi bai kai na dogon wa'adi ba. A ce na kwana 90 kashi 11 suka bayar, na shekara kuma 12. In ka juya na 11 ɗin sau huɗu N1,101,278 zaka tarar, ko ka ƙara masa na kwana biyar ɗin da suka rage bai kamo N1,108,000 ba. Maki ɗaya kacal na kaso ya cinye duk amfanin yawan juyin har ya ci gaba. Shi yasa ni a ganina wanda zai ɓata lokacinsa wajen ciniki gara ya ɓata shi akan kason, dan ana ciniki fa, musamman in kuɗin da ɗan kauri, abin da aka fara faɗa maka a kan tebur ba lallai shine na ƙarshe ba. Amfanin gajeren wa'adi na gaske ba yawan juyi bane, shine kuɗinka baya nisa da kai, kuma in kaso yana tashi a kasuwa zaka riski sabon farashi da wuri. In kuma sauka yake yi, wanda ya ɗaure na shekara shi ya more.

Wannan ya kawo mu maganar da nace zan dawo kanta, kaso baya zama waje ɗaya. Yarjejeniyarka da banki ta wa'adi ɗaya ce, ranar da ya cika ta ƙare. In ka bada umarnin a riƙa juyawa kai tsaye, da farashin ranar za a juya, ba da wanda aka baka da farko ba, kuma ba kowane lokaci za a kira ka a sanar da kai ba. Lissafin sai ya zama ninka kowace shekara da nata. A ce shekarar farko 12, ta biyu 10, ta uku 14, bayan haraji sun zama 10.8 da 9 da 12.6:

```
1,000,000 × 1.108 × 1.09 × 1.126 = 1,359,893
```

Haka mai ajiyar mudaraba zai yi nasa lissafin shima, sai dai shi ba a yanka masa kaso tun farko, abin da ake yarjejeniya akai shine yadda za a raba ribar da aka samu tsakaninsa da banki, dan haka sai wa'adi ya cika yake sanin nawa ya samu, kuma a ƙa'idar mudaraba in an yi asara ba da sakacin banki ba mai kuɗi ne ke ɗauka. Amma in ya bar ribar a ciki aka sake juyawa, hawan kuɗin iri ɗaya ne, kowane zagaye akan jimlar da ta gabata ake gini.

Ta yaya mutum zai gane a wane tsari yake ba tare da ya jira shekara uku kamar Goggo ba? Abu ne mai sauƙi. Duk sanda aka juya ana fitar da sabuwar takardar shaida ko saƙo a imel ko a af, ka duba wajen da aka rubuta `Principal`. In lambar tana nan sumul yadda ka kai ta, miliyan ɗaya da sifili shida, to ba a haɗa maka ruwan ba, je ka nemo shi a ɗaya akawun ɗin. In ka ga lamba mai ɗoriya irin 1,108,000 ko 1,026,630.14 to ana juyawa da shi. Sai ka duba `Rate` ka kwatanta da na takardar baya, sannan `Maturity date` ka sa a kalandar wayarka da kwana biyu uku kafin ranar. Akwai kuma hali na uku da yafi na Goggo muni, wanda bai bada umarnin juyawa ba sam, wa'adi ya cika aka zuba komai a akawun ɗinsa na yau da kullum bai lura ba, kuɗin suka yi wata biyar suna zaune yana can yana zaton suna aiki. In karant ne ma kusan ba abin da zai samu na waɗannan watannin.

Sai maganar fasa ajiya kafin lokaci, wadda ita ce ke kashe tsarin ga yawancin mutanenmu, dan mu kuɗi baya zama a gidan da ake da dangi. Banki zai baka uwar kuɗinka in ka nema, amma zai yanki wani abu daga ruwan da ya taru, nawa ne ya danganta da abin da ke rubuce a takardar da ka sa wa hannu, wani bankin kaso kaɗan, wani mai yawa. A ce ka fasa a kwana na 200, ruwan da ya taru N65,753 ne, in sharaɗin rabi ne kaga kusan N33,000 sun tafi kafin ma a zo kan haraji. Shawarar da na ba Goggo anan ita ce kar ta ɗaure miliyan ɗin a ƙulli ɗaya. Ta raba biyu ko uku, babban kaso na shekara wanda ba a taɓawa kuma ana haɗa masa ruwansa, ƙaramin kuma na kwana 90, in biki ko rufin ɗaki ya taso shi za a jira ya cika ko a fasa, babban yana can ba a dame shi ba.

Yanzu abin da ba a so a faɗa. Duk wannan hawan da muka lissafa a takarda yake, a kasuwa wani lissafin ake. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a Najeriya a kashi 34.8 cikin 100. Kuɗin da ke hawa da 10.8 a shekarar da kaya ke hawa da talatin da wani abu baya yake ci, komai kyan lambar da ke takardar. Kuma shima tashin farashi ninki kan ninki yake yi, ƙa'ida ɗaya suke bi. Mu ɗauki misali mai sauƙi, a ce kaya na tashi da kashi 25 duk shekara har shekara uku, abin miliyan ɗaya ya koma N1,953,125. N1,360,252 ɗin aminiyar Goggo a wannan kasuwar abin da zai saya bai wuce abin da N696,000 ke saya ranar da ta kai kuɗin ba. Ta fi Goggo, ta kuma fi wanda ya bar nasa a ƙarƙashin katifa nesa ba kusa ba, amma bata yi arziki ba, asararta ce ta ragu. Ni dai ina kallon fiks difozit a matsayin wajen fakewa na kuɗin da aka san ranar buƙatarsu, kuɗin makarantar yaro na baɗi, kuɗin haya, kuɗin da ake tarawa a cika a sayi fili. Wanda ya iya sana'a kuma yana da ƙarfin bin ta, wannan wata magana ce daban, amma Goggo ta haura sittin, ba zata fara zaman shago yanzu ba, kuma ta ga yadda jarin da ake ba 'yan uwa "a juya" yake ƙarewa.

Wani zai ce to ai akwai inda ake bada kashi 20 ko 30 a wata. Ka sa wannan a ƙa'idar da ke sama ka gani da idonka. Kashi 30 a wata in ana juyawa sau 12, miliyan ɗaya ta haura miliyan 23 a shekara. Babu kasuwancin halal ko na haram da ke bada wannan a kai a kai, kuma irin alƙawarin da MMM ta yi wa mutane kenan kafin ta rufe musu akawun a Disambar 2016. Ko a cikin masu lasisi ma, in ka ga wani ƙaramin banki yana bada abin da ya ninka na kowa ka tsaya ka tambaya. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, tun 2024 abin da ta tsaya wa mai ajiya in banki ya rushe shine har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, kuma lissafin na mutum ɗaya ne a banki ɗaya, duk akawun ɗinsa a haɗe. Miliyan ɗayan Goggo tana cikin inuwa, amma wanda ya fara da miliyan huɗu yana juyawa da kashi 10.8, a shekara ta uku ya tsallake miliyan biyar bai sani ba, dan haka shi sai ya fara tunanin raba ƙafa tsakanin bankuna biyu.

Da wa'adin Goggo na gaba ya kusa muka je tare. Ta rubuta takardar canja umarni, dan da baki ba a canjawa, sai an rubuta an sa hannu ko a yi ta af kafin ranar cikar wa'adin, in ranar ta wuce an riga an juya sai dai a jira zagaye na gaba ko a fasa a biya tara. Ta raba kuɗin N700,000 na shekara wanda za a riƙa haɗawa da ruwansa, N300,000 na kwana 90. Ta tambayi kaso, aka faɗa mata, ta ce a ƙara, yarinyar ta shiga ciki ta dawo da ƙarin rabin maki. Rabin maki akan N700,000 N3,500 ne a shekara kafin haraji. Muna fitowa ta ce min dama akwai maganar da ta daɗe tana damunta, zata je wajen malaminsu na islamiyya akan halaccin abin gaba ɗaya, in ya ce ta mayar bankin da ba ruwa to in shirya zan sake rakata, kuma in zo da kalkuletar.